Kaya Nawa Ya Kamata a Saro a Tashi Ɗaya? Lissafin Oda da Kula da Sito

Duk wanda yake ajiye kaya domin sayarwa ko domin aiki, ko ɗan kasuwa ne, ko masana'anta, ko sashen magunguna na asibiti, yana fama da tambayoyi biyu da ba sa ƙarewa: kaya nawa zai saro a tashi ɗaya, kuma yaushe zai sake aikawa a kawo wasu. A fannin ilimin tafiyar da ayyukan kamfani, amsar tambaya ta farko ita ake kira adadin oda mafi arha, wanda littattafai suke taƙaita sunansa da haruffa uku, EOQ. Amsar ta biyu kuma ita ce matakin sake oda, wato yawan kayan da in suka rage a sito ake ɗaga waya a kira dila.

Lissafin ya haura shekara ɗari. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ford W. Harris ne ya fara buga shi a 1913, a wata mujallar masu masana'antu da ake kira Factory, kuma damuwarsa a lokacin ita ce yawan sassan inji da ya dace a ƙera a zubi ɗaya. Daga baya R. H. Wilson ya yaɗa shi a wani rubutu da ya yi a 1934, har wasu littattafai suna danganta tsarin da sunansa. Tun daga nan kusan babu kwas na kasuwanci, akanta ko kula da sito da ba a koyar da shi.

Kuɗi iri biyu masu jan juna

Tushen maganar shi ne, ban da farashin kayan kansu, mai sito yana biyan wasu kuɗi iri biyu, kuma in ya rage ɗaya sai ɗayan ya tashi.

Na farko shi ne kuɗin yin oda. Wannan ya ƙunshi duk abin da ake kashewa a kowace tafiya, ko kayan da aka saro suna da yawa ko kaɗan ne: hayar motar da ake biya a dunƙule, kuɗin mota da abincin yaron da aka aika, katin waya, cajin banki, takardu, da lokacin da ake ɓatawa wajen karɓar kaya da duba su. Abin da ake gane shi da shi guda ne, wato ba ya bin yawan kaya. Ladan 'yan dako da ake biya a kan kowane katan ba ya cikin wannan rukuni, domin yana ƙaruwa da yawan katan; wurinsa yana cikin farashin kaya.

Na biyu shi ne kuɗin ajiya, kuma shi ne wanda ya fi ɓuya wa mutane, saboda yawancinsa ba a ba da rasit a kansa. Akwai hayar sito da albashin maigadi, akwai kayan da ɓera ya ci, ko laima ta taɓa, ko suka fashe, ko suka yi ƙafa. Amma babban kasonsa shi ne jarin da ya kwanta. Wanda ya ci bashin banki yana ganin wannan a fili a cikin kuɗin ruwan da yake biya. Wanda yake juya kuɗin kansa, ko na wani da suka yi yarjejeniyar raba riba, shi ma bai tsira ba: naira miliyan biyar da ta kwana wata biyu a cikin katan-katan a sito, da an sa ta a wata haja mai tafiya da ta kawo riba. Wannan ribar da aka rasa ita ce kuɗin jarin. Al'ada ita ce a haɗa dukkan waɗannan a faɗe su a matsayin kaso na farashin abu ɗaya a shekara.

Wanda yake saro kaya da yawa a tashi ɗaya yana rage yawan tafiye-tafiye, amma sitonsa kullum a cike yake. Wanda yake saro kaɗan-kaɗan sitonsa sakayau ne, amma motar haya ta san ƙofarsa. Akwai wani adadi a tsakiya inda jimillar kuɗin biyu ta fi ƙanƙanta, kuma shi ake nema.

Misali daga farko har ƙarshe

A ɗauka akwai wani mai sayar da sabulu a sari, irin waɗanda ake samu a kasuwar Singa ta Kano. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su domin lissafin ya fito sarai. Yana sayar da katan 7,200 na wani sabulu a shekara, kuma yana buɗe shago kwana 300, ke nan katan 24 suke fita a kowace ranar aiki. Dila yana ba shi katan ɗaya a kan naira 8,000.

Kowace oda tana cin naira 50,000: hayar mota daga defo naira 35,000, ko ta cika ko ba ta cika ba, yaron da yake bin kaya da ɗawainiyarsa naira 10,000, waya, cajin banki da takardu naira 5,000.

Kuɗin ajiya kuma ya kama kashi 25 cikin ɗari na farashin katan a shekara. Kashi 18 na jarin da ya kwanta ne, wato naira 1,440. Kashi 4 na haya da gadi, naira 320. Kashi 3 na lalacewa da ɓacewa, naira 240. Jimilla, ajiye katan ɗaya na tsawon shekara yana cin naira 2,000.

Kafin a taɓa wata dabara, yana da kyau a ga yadda kuɗin suke motsi. In ya saro katan 300 kowane lokaci, zai yi oda sau 24 a shekara, domin 7,200 a raba da 300 ya ba da 24. Kuɗin oda ke nan naira 1,200,000. Kuɗin ajiya fa? A nan ne ake bukatar lura. Ranar da mota ta sauke kaya akwai katan 300 a sito, amma kullum suna raguwa har su ƙare ranar da wata motar za ta iso. In aka zana yawan kayan a takarda, zai fito kamar haƙoran zarto: ya hau tsaye, ya gangara a hankali, ya sake hawa. Saboda haka abin da yake zaune a sito a matsakaici rabin odar ne, katan 150. A ninka 150 da naira 2,000, an sami naira 300,000. Jimillar kuɗin biyu naira 1,500,000.

In kuma ya ce ya gaji da zirga-zirga, ya koma saro katan 1,200, oda ta dawo sau 6, kuɗinta naira 300,000. Amma matsakaicin kayan sito ya zama katan 600, kuɗin ajiyarsu naira 1,200,000. Jimilla naira 1,500,000 kuma. Bai ci komai ba. Ya dai ɗauke nauyin daga wannan kafaɗa ya ɗora a waccan.

Tsarin Harris yana kai mutum kai tsaye ga adadin da ya fi arha ba tare da gwaje-gwaje ba. Haka ake rubuta shi:

```
Q = √(2 × D × S ÷ H)
```

D shi ne yawan abin da ake bukata a shekara, S kuɗin oda ɗaya, H kuɗin ajiye abu ɗaya na shekara, Q kuma adadin da ake nema. Alamar √ tana nufin a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke cikin baka, kuma akwai madanninta a yawancin kalkuleta. A misalin nan, 2 sau 7,200 ya ba da 14,400. A ninka da 50,000, an sami 720,000,000. A raba da 2,000, saura 360,000. Lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 360,000 ita ce 600. Mai aiki da Excel zai rubuta:

```
=SQRT(2*7200*50000/2000)
```

Amsa dai katan 600 ce. Da wannan adadi zai yi oda sau 12 a shekara, kowace oda tana ɗaukar kwanakin aiki 25 kafin ta ƙare, tunda 600 a raba da 24 ya ba da 25. Kuɗin oda naira 600,000. Matsakaicin kayan sito katan 300, kuɗin ajiyarsu naira 600,000. Jimilla naira 1,200,000, wato an tsira da naira 300,000 a shekara in aka gwada da tsare-tsaren nan biyu na baya.

Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa kuɗin oda da na ajiya suka zo daidai. A wannan tsari, kullum a inda suka yi kunnen doki ne jimillarsu take kai wa ƙasa. Wannan ya ba ɗalibi hanyar duba amsarsa, ya kuma ba ɗan kasuwa ma'auni mai sauƙi ko da bai taɓa ganin tsarin ba. In abin da yake kashewa wajen oda a shekara ya ninka na ajiya sau da yawa, yana saro kaɗan fiye da kima. In na ajiya ne ya yi rinjaye, yana cika sito fiye da bukata.

Amsar ba ta da tsauri

Wani abin da ba a cika jaddada wa masu koyo ba shi ne cewa kauce wa 600 da kaɗan ba ya cin kuɗi sosai. In dila ya ce motarsa katan 500 take ɗauka, kuɗin oda zai kama naira 720,000, na ajiya naira 500,000, jimilla naira 1,220,000. In aka saro 720, oda sau 10 ke nan, naira 500,000, ajiya naira 720,000, jimilla naira 1,220,000. Tsakanin 500 da 720, abin da aka yi asara bai wuce naira 20,000 a shekara ba, bai ma kai kashi 2 cikin ɗari ba. Sai an ninka adadin sau biyu, ko an raba shi biyu, sannan ƙarin yake kai kashi 25 cikin ɗari, kamar yadda 300 da 1,200 suka nuna.

Wannan yana da amfani ta fuska biyu. Na ɗaya, ana iya daidaita amsar da girman mota, ko yawan katan da dila yake ɗaurewa, ba tare da fargaba ba. Na biyu, kuɗin oda da na ajiya kusan kullum kiyasi ne. Babu wanda ya san su daidai har kwabo. Tunda alamar √ tana danne kuskure, ko da mutum ya ninka kuɗin ajiya sau biyu bisa rashin sani, ƙarin kuɗin da zai jawo masa kusan kashi 6 cikin ɗari ne kawai. Don haka wanda ya kwana yana neman ko amsar 597 ce ko 603 ya ɓata barcinsa a banza. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda yake saro 150 ko 3,000 alhali lissafi yana nuna 600.

Ita wannan alama tana da wani sakamako da yake saɓa wa tunanin farko. In kasuwa ta buɗe, ciniki ya ninka sau huɗu, odar da ta dace ba ta ninka sau huɗu. Sau biyu kawai take ninkawa, yawan tafiye-tafiye ma ya ninka sau biyu. Haka kuma in aka rage kuɗin oda zuwa rubu'insa, misali dila ya yarda ya riƙa biyowa da kaya a motarsa har S ya sauko naira 12,500, adadin da ya dace ya koma katan 300, jimillar kuɗin kuma ta sauko naira 600,000. Wannan ita ce hanyar da kamfanin Toyota na Japan ya bi a tsarin da Taiichi Ohno ya jagoranta bayan Yaƙin Duniya na Biyu: maimakon a karɓi tsadar sauya saitin inji a matsayin abin da ba ya taɓuwa, sai aka yi ta rage ta, har ƙera kaya kaɗan-kaɗan ya zama shi ne mai arha.

In dila ya yi tayin rangwame

Farashin kaya bai fito a cikin tsarin a matsayin kuɗi mai zaman kansa ba, domin in farashi bai canja da yawan oda ba, naira 57,600,000 ɗin da katan 7,200 suke ci a shekara tana nan ko ta yaya aka saro su. Amma da zarar dila ya ce wanda ya ɗauki da yawa za a yi masa ragi, dole a shigo da ita, a gwada jimillar kuɗi uku: na kaya, na oda, da na ajiya.

Ba tare da rangwame ba, a katan 600, jimillar ita ce naira 57,600,000 a haɗa da 1,200,000, wato naira 58,800,000.

A ce dila ya yi tayi biyu. Na farko, ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya ɗauki katan 1,200 ko fiye. Farashi ya koma naira 7,840. Kuɗin kaya na shekara naira 56,448,000. Oda sau 6, naira 300,000. Kuɗin ajiye katan ɗaya shi ma ya ɗan sauko, tunda kashi 25 cikin ɗari na sabon farashi ne, naira 1,960. A ninka da matsakaicin katan 600, naira 1,176,000. Jimilla naira 57,924,000. Wannan ya gaza na farko da naira 876,000, saboda haka tayin ya cancanci karɓa, duk da cewa ya ninka adadin da tsarin ya bayar.

Tayi na biyu ya fi daɗin ji: ragin kashi 3 cikin ɗari ga mai ɗaukar katan 3,600. Farashi naira 7,760, kuɗin kaya naira 55,872,000, oda sau 2 kacal, naira 100,000. Amma yanzu katan 1,800 ne a matsakaici suke zaune a sito, kowane yana cin naira 1,940, wato naira 3,492,000. Jimilla naira 59,464,000. Wannan ya fi tayin farko tsada da naira 1,540,000, ya ma fi tsada a kan ƙin karɓar rangwamen gaba ɗaya. Ragin da ya fi girma shi ne ya fi cutarwa, domin abin da dila ya yi shi ne ya kwashe kayan daga sitonsa ya mai da ɗawainiyar ajiyarsu a wuyan mai saye.

Ko tayin farko ma akwai abin dubawa kafin a ce an yarda. Katan 600 suna bukatar naira 4,800,000 a hannu, katan 1,200 kuwa naira 9,408,000. In kuɗin ba su kai ba, ko sito ba zai ɗauka ba sai an kama wani haya, to lissafin ya canja, kuma sai an sake shi da sabon kuɗin ajiya.

Yaushe za a kira dila

Tambaya ta biyu ta dogara ne da tazarar da ke tsakanin yin oda da isowar kaya. A misalin nan a ce kwanakin aiki 5 ne. A cikinsu za a sayar da katan 120, wato 24 sau 5. Da komai yana tafiya a kan tsari, da zarar kaya sun sauko 120 sai a yi oda, katan na ƙarshe ya fita a ranar da mota take saukewa.

Sai dai ciniki ba ya tsayawa a 24 kullum, mota ma ba kullum take zuwa a rana ta biyar ba. Wanda ya tsaya a 120 cak, kusan rabin lokuta kayansa za su yanke kafin sababbi su iso, domin matsakaici yana nufin wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Maganin wannan shi ne kayan ko-ta-kwana, wato wani adadi da ake ɗorawa a kan 120 ɗin.

Nawa za a ɗora? Littafin sito ne yake ba da amsa. A ce an duba oda 20 da suka wuce, aka ƙirga abin da aka sayar tsakanin kiran dila da isowar mota. A 19 daga ciki bai wuce katan 160 ba. Sau ɗaya ne mota ta makara da kwana biyu a lokacin da ake sayar da 30 a rana, aka bukaci katan 210. In aka sa matakin sake oda a 160, kayan ko-ta-kwana 40 ne, kuma suna kare mai shago a kashi 95 cikin ɗari na lokuta. Tunda su waɗannan a matsakaici suna nan duk shekara, ba a raba su biyu: 40 sau 2,000, naira 80,000.

In kuma ana son a toshe har waccan rana guda, sai an ɗora 90, kuɗinsu naira 180,000. Ƙarin katan 50 ɗin nan suna cin naira 100,000 kowace shekara, domin tare abin da yake faruwa sau ɗaya cikin oda 20, wato kusan sau ɗaya a wata 20 ga mai yin oda 12 a shekara. In ribar katan ɗaya naira 600 ce, abin da za a rasa a ranar bai wuce naira 30,000 ba. A kan sabulu wannan kariya ba ta biya kuɗinta, sai dai in akwai babban abokin ciniki da zai ƙaura gaba ɗaya saboda an ce masa babu sau ɗaya. A kan maganin ceton rai a asibiti, ko wani ƙaramin sashen inji da rashinsa zai tsai da masana'anta, hukuncin akasin haka ne. Ana kuma lura cewa haɗarin yankewa yana zuwa ne a ƙarshen kowace oda kawai, don haka wanda ya karɓi rangwame ya koma oda 6 a shekara ya rage yawan lokutan da yake fuskantarsa da rabi.

A takardun jarrabawa yawanci ba a ba da tarihin oda. Sai a ba da ma'aunin yadda cinikin kullum yake kaucewa daga matsakaici, a ce a yi aiki da wannan:

```
SS = z × σ × √L
```

L kwanakin jira ne, σ ma'aunin kaucewar, z kuma lamba ce da ake ɗaukowa daga jadawali gwargwadon kariyar da ake so: kusan 1.65 ga kashi 95 cikin ɗari, kusan 2.33 ga kashi 99. In σ katan 11 ne, L kuma 5, amsar tana kama 41, dab da abin da littafin sito ya nuna. Wannan tsari ya ɗauka kwanakin jira ba sa canjawa, ciniki ne kaɗai yake hawa da sauka.

Akwai wani kuskure da yake yawan faruwa a nan. Abin da ake gwadawa da matakin sake oda ba kayan da ke ƙasa kaɗai ba ne. Ana haɗawa da waɗanda aka riga aka yi odarsu suna hanya, a cire waɗanda aka karɓi kuɗinsu ba a ɗauka ba. Yaron sito da ya ga kaya sun sauko 140 ya kira dila, bai san maigida ya kira shekaranjiya ba, zai jawo mota biyu a mako ɗaya.

Inda lissafin yake tuntuɓe

Ɗalibai sukan faɗi ne a wurare sanannu. Mafi yawa shi ne cakuɗa lokaci: a ba da bukatar wata, a ba da kuɗin ajiya na shekara, mutum ya zuba su a tsari haka nan. Dole D da H su kasance a kan lokaci ɗaya. Wasu kuma su sa 25 ko 0.25 a gurbin H ba tare da sun ninka da farashi ba, wasu su manta raba oda biyu wajen lissafin kuɗin ajiya. Wasu daga cikin waɗannan ana kama su da gwajin nan na kunnen doki: in kuɗin oda da na ajiya ba su zo daidai ba a adadin da aka samu, akwai kuskure a wani wuri.

Matsalar ɗan kasuwa ta fi wannan zurfi, domin tsarin an gina shi a kan cewa ciniki yana tafiya bai-ɗaya duk shekara, farashi ba ya motsi, kuma kaya suna isowa gaba ɗaya. Ga sabulu, gishiri ko ashana wannan bai yi nisa da gaskiya ba. Ga sukari da dabino a gabanin azumi, ko atamfa da shadda a gabanin salla, ko takin zamani a farkon damina, matsakaicin shekara yaudara ne. Sai a raba shekara gida-gida, a yi wa kowane lokaci nasa lissafi. Kayan da suke lalacewa da wuri, ko masu ranar daina aiki, iyakarsu tana zuwa kafin ta tsarin: in amsa ta ce a saro na wata uku, kayan kuma wata biyu suke yi, an bi wata biyun.

Hauhawar farashi ma tana shiga. In an tabbata farashin dila zai tashi, kayan da ke sito suna ƙara daraja suna zaune, wanda yake rage ainihin kuɗin ajiya, ya kuma sa saro da yawa ya fi dacewa. Amma wannan hujja tana da kaifi biyu. A lokacin hauhawa ribar da jari zai kawo a wani wuri ita ma takan tashi, farashi kuma yakan faɗo bagatatan ya bar mai sito da kaya masu tsada. Abin da ya fi aminci shi ne a sake lissafin duk lokacin da farashi, hayar mota ko ciniki suka yi babban motsi, maimakon a riƙe amsar bara.

Shago mai haja ɗari biyar ba zai yi wa kowace wannan aiki ba, kuma ba a bukata. Ana jera kayan gwargwadon kuɗin da kowane yake ci a shekara, a kasa su uku, abin da littattafai suke kira tsarin ABC. Yawanci 'yan kaɗan ne a sama suke riƙe da mafi yawan jari. Su ake yi wa cikakken lissafi, a kuma ƙirga su a kai a kai. Na ƙasa, irin su igiyar ɗauri da littafin rasit, ya isa a ajiye su kashi biyu: in na farko ya ƙare aka buɗe na biyu, sai a yi oda.

Duk wannan yana tsaye ne a kan rubutu mai gaskiya. Kowace haja tana bukatar katinta da ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da abin da ya rage, a kuma riƙa fitar da tsofaffin kaya kafin sababbi. Lokaci-lokaci a ƙirga da hannu a gwada da kati. In kati ya ce saura 160 alhali a ƙasa 110 ne, to kayan ko-ta-kwana sun riga sun tafi ba a sani ba, har da wani ɓangare na kayan kwanakin jira, kuma sito zai bushe kafin mota ta iso ko da lissafin oda daidai yake.